Yadda Kalma Ke Samun Gurbi a Ƙamus

A watan Janairun 2020, masu babban ƙamusun Turanci na Oxford suka sanar cewa sun shigar da kalmomi 29 daga bakin 'yan Nijeriya, ciki har da okada da danfo da buka da Kannywood. Jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki labarin kamar an naɗa wa kalmomin sarauta, wasu har cewa suke yi yanzu ne Turawa suka yarda da su. Amma duk wanda ya san yadda ake aikin ƙamus ya san babu wata majalisa da ta zauna ta ba su izini. Abin da ya faru shi ne shaida ta taru har ta kai inda ba a iya kau da kai. Editocin sun ga kalmomin a jaridu da littattafai, shekara da shekaru, daga alƙaluman mutanen da ba su san juna ba, kuma ko'ina ma'anar ɗaya ce.

Dubi Kannywood. A lokacin da suka shigar da ita, tsohuwar shaidar da Oxford suka kawo ta 2002 ce. Masu nazarin fim irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu kuwa sun nuna cewa sunan ya fito a mujallar Tauraruwa ta Kano tun 1999. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shekarar da ƙamus yake rubutawa a gefen kalma tana nufin mafi tsufan rubutun da ya zo hannun edita a harshen da yake wa aiki, ba ranar da aka fara furta ta ba. Gobe idan wani ya tono takardar da ta fi wannan tsufa, sai a gyara.

Wannan ɗabi'a ta bin shaida tana da tarihi. Lokacin da James Murray ya karɓi ragamar ƙamusun Oxford a 1879, ya yi shela yana neman masu karatu 'yan sa-kai. Aikinsu shi ne su karanta littafi, in sun ga kalmar da ta ɗauki hankalinsu su rubuta ta a saman 'yar takarda, su kwafe jimlar da ta fito a ciki, su sa sunan littafin da shekara da shafi. Irin waɗannan takardu miliyoyi ne suka taru, kuma ba a gama buga ƙamusun ba sai 1928, bayan shi Murray ya rasu da shekara 13. Yau kwamfuta ce ke yin tarin. Ana zuba mata jaridu da littattafai da hirarrakin da aka mayar rubutu, edita ya buga kalma, ta jero masa duk inda ta fito, kowane layi da kalmomin da ke gabanta da na bayanta. Sauri ya ƙaru, amma tambayoyin da ake yi wa kalma suna nan yadda suke: shin ta yaɗu, ko bakin mutum ɗaya ce da abokansa? Shin ta daɗe, ko ta yayi ce? Shin tana da ma'anar da za a iya kamawa, wadda masu faɗarta suka haɗu a kai?

Abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da shaida ya taɓa samun kamfanin Merriam na Amurka. A 1931 editansu na fannin kimiyyar sinadarai ya aika da 'yar takarda ɗauke da "D or d", yana nufin babban harafin ko ƙaraminsa yana tsayawa a madadin wani ma'aunin kimiyya. Aka jefa takardar cikin kalmomi maimakon cikin taƙaitattun rubutu, aka karanta ta a haɗe, sai ga wata kalma wai ita "dord" a bugun 1934, da ma'anarta da yadda ake furta ta. Sai a 1939 wani edita ya lura cewa ba a rubuta asalinta ba, ya je ya duba ma'ajiya, ya tarar babu jimla ko ɗaya da wani mahaluƙi ya taɓa yi da ita. Irin waɗannan kalmomi na bogi sukan daɗe, domin masu ƙamus suna leƙen aikin juna, wani ya kwafa daga wani. Hanyar gane su ita ce ta nan: kalmar da ba a samo mata jimla daga wajen ƙamus ba, abar tuhuma ce.

Wanda ya shirya ƙamusun Hausa a farkon ƙarnin da ya wuce bai sami gatan Murray ba, don rubutun boko bai yi yawa ba, na ajami kuma ya fi karkata ga waƙoƙin wa'azi da wasiƙu. G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi wajen 39,000, da kunne ya yi yawancin tarinsa, yana zagaya ƙasar Hausa yana zama da malamai da masu sana'a. Shi ya sa za ka ga yana sa alama a gefen kalma cewa wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina, wannan ta Zariya ko Gobir. Shi ne kuma ya fara nuna karin sauti da tsawon wasali a kan kowace kalma a tsare. Burinsa ya kwashe komai, har da sunayen ciyayi da cututtukan dawaki da kalmomin da ko a lokacin tsofaffi ne kaɗai ke faɗa. Ƙamusun da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Bayero, wanda ya fito a 1977, ya bi wata hanyar dabam: ƙarami ne, na ɗalibi da ma'aikaci, ya zubar da tsofaffin kalmomi da yawa ya ɗauko na zamani. Kowannensu ya yi daidai a kan abin da ya nufa, domin kafin edita ya tambayi ko kalma ta cancanta, sai ya san wa zai buɗe littafin. Ƙamus na takarda kamar motar haya yake, kujerunsa ƙidayayyu ne, in wani zai hau sai wani ya sauka.

Bari mu gwada da abin da kowa ke gani a titi. "A daidaita sahu" magana ce ta liman kafin kabbara. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauke ta ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya a Kano, kekunan nan masu ƙafa uku suka fito ɗauke da sunan, jama'a suka liƙa musu shi. A shekarun farko, edita mai hankali zai rubuta ta ya ajiye, ya jira. Ya san sunayen da ake raɗa wa abu saboda gwamnati sukan tafi tare da gwamnatin, kamar yadda sunayen atamfa da ɗinki suke tashi su faɗi cikin sallah biyu. Amma gwamnatin ta sauka a 2011 sunan bai sauka ba. Aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, kekunan suka cika gari. Daga nan sai alamun da edita ke jira suka bayyana. Sunan ya gajarce ya koma "adaidaita". Ya haifi 'ya'ya: ɗan adaidaita, 'yan adaidaita, ɗan sahu. Yaran da ba su san shirin ba suna faɗarsa, marubuta suna sa shi a labari ba tare da sun tsaya bayani ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙarfin shaida: ranar da marubuci ya daina jin yana bukatar fassara kalma ga mai karatu, ta zauna.

Shigar da ita kuma ba ta kashe magana ba. A haɗe za a rubuta ta ko a rabe? Namiji ce ko mace, "adaidaita ta tsaya" ko "ya tsaya"? Mene ne jam'inta? Edita ba zai yanke daga abin da ya fi masa daɗi a kunne ba, sai ya ƙirga abin da ke cikin jimlolin da ya tara, in duka biyun suna da yawa ya rubuta duka biyun. Sannan dole ya faɗi inda ake amfani da ita, don a garuruwa da dama Keke Napep ake cewa.

Fitar da kalma ya fi shigar da ita wuya. Tun 1973 Nijeriya ta bar fam da sule, ga shi kuwa har gobe mutum zai ce ba shi da ko sisi, ko ya ce abu bai kai taro ba. Kuɗin sun mutu, kalmomin suna yawo a cikin magana, saboda haka sai a bar su, a rubuta ma'anar farko da alamar cewa ta da ce, a biyo da ta yanzu. Dala kuwa, wadda a da sule biyu ce a Nijeriya, a Nijar tana nan da ranta a matsayin sefa biyar, jaka kuma sefa dubu. Editan da ke zaune a Kano bai ji wannan ba zai yi wa kalma jana'iza alhali tana cin kasuwa a Maraɗi. Haka lakwal da mushe, waɗanda Hausawan Nijar suka aro daga Faransanci: in ƙamus ya ce shi na Hausa ne gaba ɗaya, suna da haƙƙin gurbi kamar yadda tebur da malam suke da shi, da alamar yanki a gefensu.

Akwai masu ganin aro da sara ɓata harshe ne, bai kamata su ga cikin ƙamus ba. Tsohuwar muhawara ce. Malaman luggar Larabci sun tsayar da karɓar shaida daga mawaƙan birane a wajen tsakiyar ƙarni na 2 na Hijira, abin da ya biyo baya suka ɗauke shi sabon shigowa, kuma ƙamusai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kau da kai daga kalmomin da mutane ke amfani da su kullum. Sai a 1960, da majalisar harshen Larabci ta Alƙahira ta fitar da Mu'ujamul Wasiɗ, aka buɗe ƙofa sosai, ana sa wa kowace baƙuwar kalma alamar irinta. Ni a ganina wannan ce hanya: a shigar, a sa alama. Mai karatu da ya ci karo da kalma a jarida yana neman ma'anarta ne, ko edita yana sonta ko ba ya so.

Wahalar tana cikin ƙananan kalmomi

Murray ya yi kuka da cewa 'yan sa-kansa suna ta aiko masa da baƙin kalmomi masu wuyar samu, suna tsallake na yau da kullum. Ya san inda gizo ke saƙa. Sabuwar kalma aikin yini ce, amma tsohuwa gajera da kowa ya sani tana iya cinye watanni. Editan Oxford Peter Gilliver ya shafe wata 9 a kan aikatau ɗin Turanci mai nufin gudu, ya fitar da ma'anoni 645.

Kafin rarrabe ma'ana, akwai tambaya mai sauƙi: kalma ɗaya ce ko biyu? Garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, amma furucinsu ya sha bamban, haka kukan yaro da kukar miya, haka wuyan riga da wuyar aiki. Waɗannan kowace gurbinta dabam, kuma nan ne alamun da Bargery ya sa suke da rana. Rikicin gaske yana farawa ne inda kalmar ɗaya ce tak, ma'ana ta yi rassa. A Hausa babu misalin da ya kai "ci".

A ɗauka edita ya tara jimloli ɗari biyu masu "ci", ya baje su a tebur. Abin da zai fara dubawa shi ne wa ya ci, kuma me aka ci. Tulin farko ba ya ba da wahala: ya ci tuwo, ta ci goro, akuya ta ci dusa. Sai dai da ya zo rubuta ma'ana zai ga tarko. In ya ce "sa abu a baki a tauna a haɗiye", to ai ana tauna rake da kankana, amma Bahaushe shan su yake yi, haka lemo da mangwaro. Ke nan iyakar "ci" ba ta fitowa sai an ajiye ta kusa da "sha", kuma dole wanda ya rubuta ɗaya ya rubuta ɗayar, ko aƙalla ya karanta, don kada su yi ta taka juna.

Tuli na biyu: wuta ta ci rumfuna, gara ta ci azara, ginin ya ci kuɗi, tafiyar ta ci kwana uku, ruwa ya ci mutum. A nan babu baki, babu haɗiya, abin da ya rage daga ma'anar farko shi ne abu ya ƙare ko ya hallaka. Tuli na uku: ya ci zaɓe, ta ci jarrabawa, sun ci gari da yaƙi, an ci mu biyu da nema. Wannan rinjaye ne. Na huɗu: ya ci riba, ta ci gado, ya ci sarauta, sun ci albarkacin wane. Wannan samu ne da mora. Sannan ga wasu tsirarun jimloli da ba su da abin da aka ci sam: kasuwa tana ci, fitila tana ci. Tsarin jimlar ma ya canza, kuma duk inda tsari ya canza, edita yakan zargi cewa ma'ana ma ta canza.

Ta yaya zai tabbatar cewa tulin nan da gaske dabam-dabam suke, ba idonsa ne ya raba su ba? Yana da gwaji guda biyu da ya fi dogara da su. Na farko musanya: "lashe" tana shiga gurbin "ci" a cin zaɓe da cin gasa, amma ba a cewa tafiya ta lashe kwana uku a ma'anar nasara; "ƙone" tana shiga a cin wuta, ba ta shiga a cin riba. Na biyu haɗawa: a sa abu biyu a ƙarƙashin "ci" ɗaya a ji. "Ya ci tuwo da nama" lafiya lau. "Ya ci tuwo da zaɓe" kuwa sai a yi dariya, kuma dariyar ita ce shaidar cewa ma'ana biyu ce aka cusa a rami ɗaya. Idan jimla ta wuce ba tare da kunne ya yi tuntuɓe ba, a haɗe su.

Duk da haka akwai jimlolin da za su tsaya a tsakani su ƙi shiga ko'ina. Wanda ya ci sarauta bayan an yi takara da 'yan'uwansa, rinjaye ya yi ko samu? Duka biyun. Wani edita zai haɗe tuli na uku da na huɗu ya ce ma'ana ɗaya ce mai fuska biyu, wani zai raba su, wani ma zai ƙara tsaga na ukun ya ware yaƙi daga jarrabawa. Shi ya sa in ka buɗe ƙamusai biyu a kan kalma ɗaya za ka ga wannan yana da lamba biyar, wancan goma sha biyu. Lambobin ba a cikin harshe suke ba, edita ne ya ja layukan, gwargwadon girman littafinsa da bukatar mai karatunsa.

A nan akwai wani abu da ya shafi Hausa musamman. Yawancin manyan ƙamusanmu, daga na Schön na 1876 zuwa na Bargery da na R. C. Abraham na 1949, na harshe biyu ne. Mai irin wannan aiki yakan raba ma'ana a duk inda ɗaya harshen ya canza kalma. Turanci yana da kalma dabam ga cin zaɓe, dabam ga cin jarrabawa, dabam ga cin ƙwallo, don haka sai a ba kowanne layinsa. Wannan yana taimakon baƙo mai koyo, amma ba lalle ne Bahaushe yana jin su a matsayin abu uku ba. Lokacin da Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa, aikin da ke gaban masu shi ya wuce juya tsofaffin fassarori, domin babu wata baƙuwar kalma da za a jingina da ita.

Bayan an gama da tuli huɗu ko biyar, sai a tarar da saura masu yawa: cin amana, cin mutunci, cin fuska, cin hanci, cin bashi, cin tara, cin ado, ci gaba, cin karo. Waɗannan ba a gane su ta hanyar haɗa ma'anar "ci" da ta abokiyarta. Wanda ya san ci ya san hanci ba zai taɓa hasashen rashawa ba. Irinsu sai a jera su a ƙasan gurbin, kowanne da bayaninsa, a kuma yanke inda za su zauna: cin hanci a ƙarƙashin "ci" ko "hanci"? Da yawa sukan zaɓi kalmar da gurbinta bai cika ba, su bar manuniya a ɗayan. Akwai kuma ma'anar "ci" ta batsa da kowane baligi ya sani. Ƙamusun firamare zai tsallake ta, babba kuwa zai kawo ta da gargaɗi, ko don baƙon da zai iya jefa kansa cikin abin kunya.

Sai jeri. Wace ma'ana ce za ta zo farko? Ɗauki "waya". A tarihi siririn ƙarfe ne, daga nan saƙon da ake bugawa ta cikinsa, wanda ya bar mana gidan waya, sannan tarho, sannan abin da ke aljihun kowa yau, wanda ko zare babu a jikinsa. Ƙamusun tarihi irin na Oxford zai bi wannan jeri daga tsohuwa zuwa sabuwa. Ƙamusun ɗalibi zai fara da wadda ta fi yawa a bakin mutane, wato ta aljihu. Matsalar ita ce mai karatu yakan ɗauka lamba ta ɗaya ita ce "ainihin" ma'ana, alhali sai ya duba gabatarwar littafin zai san wane tsari aka bi. Kuma gaskiya, mutum nawa ne ke karanta gabatarwar ƙamus?

Rubuta ma'anar kanta

Tsohuwar dabara ita ce a fara faɗin dangin abu, sannan a faɗi abin da ya raba shi da 'yan'uwansa. Mu gwada da tuwo, mu rubuta namu. "Abincin Hausawa" ya yi faɗi, don ya kwashi fura da dambu da waina. "Abincin da ake yi da garin dawa" ya yi ƙunci, ya bar na masara da na gero da na shinkafa a waje, kuma bai hana kunu shiga ba. Gwaji na uku: "abinci mai kauri da ake tuƙawa a tafasasshen ruwa da garin hatsi ko dafaffiyar shinkafa, a ci da miya." Yanzu a bi ta kansa da 'yan'uwan ɗaya bayan ɗaya. Kauri ya fitar da kunu da fate. Tuƙi ya fitar da dambu, wanda turarawa ake yi, da sakwara, wadda kirɓawa ake yi. Sai wani ya ce, to tuwon alabo fa, ai ba hatsi ba ne? Da gaskiyarsa, saboda haka sai a saka "yawanci" kafin garin hatsi. Wannan 'yar kalma tana cikin manyan kayan aikin mai ƙamus, ita da "musamman", don su ke ba shi damar faɗin abin da aka saba ba tare da ya rufe ƙofa ba.

Lura da abin da aka bari. Ba a ambaci talge ba, ba muciya, ba mara, ba malmala. Duk gaskiya ne, amma wannan aikin littafin girki ne. Ma'ana tana tsayawa ne daidai inda aka bambance abu da waninsa. Tuwon madara kuma ba zai shiga wannan bayani ba ko an matsa, don alewa ce ta ari suna, sai a ba ta layinta a ƙasa. Sannan tun da an yi amfani da "tuƙa", wajibi ne a je gurbinta a tabbatar akwai tuƙin tuwo a can, ba tuƙin mota kaɗai ba. Ƙa'ida ce: duk kalmar da ta shiga bayani dole a same ta a littafin, da ma'anar da aka nufa, kuma kada ta fi wadda ake bayani wuya. Ƙamusun Longman na masu koyon Turanci, wanda ya fito a 1978, ya ɗaure editocinsa da kalmomi wajen 2,000 kacal, da su za a bayyana komai.

Laifin da ya fi yawa shi ne zagaye. Ka duba "fushi" a ce maka hasala, ka duba "hasala" a ce maka fushi, ka rufe littafi ba ka ƙaru da komai ba. Maganinsa a zaɓi ɗaya a yi mata cikakken bayani da kalmomi masu sauƙi, sauran a jingina su da ita, ana faɗin bambancin: wannan ta fi zafi, wannan ta fi saurin wucewa. Wani laifin shi ne ɗauka cewa kowa ya sani. Almajiran da suka yi mu'amala da Ƙamusun Fairuzabadi sun san harafin mimun da yake sawa a gaban wasu kalmomi, ma'ana abin sananne ne ba sai an faɗa ba. Sananne ne a wurinsa da zamaninsa. Mai karatu bayan shekara 600 sai ya tsaya yana kallon sunan wani tsiro ko wata dabba ba abin kamawa. Editan Hausa da ya rubuta "wani irin tsuntsu" ko "wata irin ciyawa" ya tsaya nan, shi ma abin da ya yi ke nan.

Wasu kalmomi kuma ba su da dangi balle a bambance su. Mene ne dangin "fat" ko "wur" ko "ƙirin"? Amsa-kama irin waɗannan sai a faɗi aikinsu da abokin tafiyarsu: "fat" tana ƙarfafa fari, ba ta bin ja ko baƙi. "Dai" da "fa" da "kam" da "ma" sun fi su wuya, don ba sa nuna komai a duniya, yanayin mai magana suke nunawa. Bambancin "zo dai" da "zo fa" kowane yaro yana jinsa, amma a rubuta shi cikin layi biyu sai gwani. A irin wannan wuri misali ya fi bayani aiki. Ƙamusun Cobuild na 1987, wanda John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham, ya zo da salon rubuta ma'ana cikin cikakkiyar jimla kamar ana yi wa mutum bayani baki da baki, kuma ya ɗauko misalansa daga rubutun gaske maimakon edita ya ƙirƙira. Salon yana cin wuri, amma ga kalmomi irin "dai" ban ga wanda ya fi shi ba.

Akwai kuma kalmomin da ke gwada zuciyar edita. "Almajiri" na cikinsu. A jimlolin da zai tara, zai ga mai neman ilmin Alƙur'ani, zai ga mabiyin wani shehi, zai ga babban malami yana kiran kansa almajiri don tawali'u, zai kuma ga inda ake nufin mabaraci kawai. Wannan ta ƙarshe tana ɓata wa mutane da yawa rai, kuma za a matsa masa ya cire ta. In ya cire, ƙamusun ya ɓoye abin da ke bakin jama'a; in ya sa ta a farko ba alama, ya ba ta nauyin da masu kalmar ba su yarda da shi ba. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su kawo duka, su sa wa ta ƙarshen alamar cewa wasu na ɗaukarta cin fuska, su kuma tsabtace bayanin daga ra'ayinsu. Haka za a yi wa bori da kishiya da ɗan daudu. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a miƙa bayanin ga wanda kalmar ta shafa da wanda ke adawa da shi, a ga ko dukansu za su yarda cewa haka mutane ke nufi in sun faɗe ta. Idan ɗaya ya karanta ya gane ɓangaren da edita yake, sai a mayar da takardar tebur a sake rubutawa.